Taura Biyu: Yaushe Take Taunuwa, Yaushe Take Karya Haƙori?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela a goman ƙarshe na watan azumi ya san abin da ake kira aiki ya yi wa mutum rubdugu. Ƙarfe biyu na dare janareta na ruri a bakin ƙofa, yadudduka sun taru a kan benci har sun kusa taɓo silin, yaro na hura gawayin dutsen guga idanunsa sun yi jawur. Shi kuwa mai shagon yana duƙe a kan teburin yanka, tef a wuya, almakashi a hannu, wayarsa sai ƙara take yi bai ko kalle ta ba, domin ya san mai kiran da abin da zai tambaya. A wannan wata guda tela yakan samu abin da ba ya samu a wata uku. Bayan Sallah kuma shagon ya yi tsit, sai gyaran wando da sa maɓalli.

A cikin wannan shirun ne tunani yake zuwa masa. Adashi ya zagayo kansa, ga kuɗi a hannu. Ya ƙara keke ya faɗaɗa shagon, ko kuwa ya buɗe wata ƙofar samu dabam, don kada rana ɗaya ɗinkin ya tsaya gida ya kwana da yunwa? Tambayar ba ta tela kaɗai ba ce. Mai shayi yana yi wa kansa ita, malamar makaranta tana yi, direban Adaidaita Sahu yana yi. Masu ba da shawara kuma sun rabu gida biyu. Wasu su ce taura biyu ba ta taunuwa, ka riƙe ɗaya ka kyautata ta. Wasu su ce a wannan zamani wanda ya dogara da hanya ɗaya yana kwana a bakin rijiya ne.

Ni a ganina yawan sana'o'in ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne yadda biyun suke zama da juna: shin abu ɗaya ne yake kayar da su, kuma shin lokaci ɗaya suke kiran mai su?

Haɗa sana'a biyu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu manoma ne da damina, da rani kuma maƙera ne, masaƙa, marina, dukawa, ko 'yan ci-rani. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna yadda sana'o'in da ba noma ba suke da babban matsayi a rayuwar manomin Bahaushe. Abin da ya sa wannan tsari ya daɗe yana aiki shi ne sana'o'in biyu ba sa rige-rigen jikin mutum. Gona tana da watanninta, maƙera tana da nata. Idan fari ya ci gero, ƙira tana nan. Mutum ɗaya ne, ƙarfi ɗaya ne, amma an raba masa shekara gida biyu. Yawancin masu haɗa sana'a a birni yau sun ɗauki rabin wannan hikima sun bar rabi. Sun ɗauki "biyu", sun manta da "kowace da lokacinta".

Bari mu bi telan nan da lissafi. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai don a ga yadda ake auna abin, kowa ya cire su ya sa farashin garinsu na yau.

A ce a watan da babu hidima yana ɗinka kaya 30, kowane yana bar masa ribar naira 3,000 bayan zare da fetur da sallamar yaro, wato 90,000 a wata. A watan azumi yana kaiwa kaya 80 a kan ribar 4,000, wato 320,000. Adashin da ya ɗauka 600,000 ne. Wani abokinsa ya ba shi shawarar da ake yawan bayarwa: ya zuba kajin gidan gona na nama guda 100 a bayan gida, ya auna su isa sayarwa daidai da Ƙaramar Sallah, lokacin da kowane gida ke neman kaza.

A takarda abin yana da kyau. 'Yan tsaki 100 a kan 1,000 kowane, 100,000 ke nan. Kazar nama tana cin abin da ya kai kilo huɗu da rabi kafin ta isa yanka a mako shida zuwa bakwai, don haka guda 100 za su ci kilo 450, buhu 18 ke nan na mai kilo 25. Idan buhu 22,000 ne, abinci kaɗai ya tashi 396,000. A ƙara 54,000 na rigakafi da gawayin ɗumama su da ɓuntun shimfiɗa da ruwa, jimla 550,000. Idan biyar suka mutu, wanda ba abin mamaki ba ne, ya sayar da 95 a kan 7,000, ya kama 665,000. Riba 115,000 a ƙasa da wata biyu. Wa zai ƙi?

To amma a duba inda ribar take tsaye. Kafin ya mayar da uwar kuɗinsa sai ya sayar da kaji 79. Ma'ana idan 22 suka mutu ya shiga asara. Ashirin da biyu kuwa ba wani adadi ba ne ga wanda ya san kajin nama. Ba su da ramukan zufa, kuma idan sun yi nauyi zafi yana kashe su cikin yini ɗaya. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a tsakiyar bazara: a 2023 ranar 21 ga Afrilu aka yi ta, a 2024 ranar 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 30 ga Maris. Wato makon da kajin suka fi nauyi shi ne makon da rana ta fi ƙuna. A irin wannan lokaci sai an tsaya a kansu da tsakar rana, a sauya musu ruwa mai sanyi, a janye abinci lokacin da zafi ya tsananta, a buɗe musu iska. Wanda ya leƙa ya ga sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, ya san minti nawa ne tsakaninsa da asara. Shi kuma telanmu a daidai wannan sa'a yana shago, mai kaya yana tsaye a kansa.

Akwai kuma rigakafi, wanda ba ya jiran kowa. Na Gumboro da na Lasota kowane yana da ranarsa a makonnin farko. Wanda ya ce sai jibi idan na rage aiki, wata safiya zai tarar da su sun takure a lungu suna zawo fari.

Sai babbar matsalar, wadda ba a cika faɗa wa sabon mai kiwo ba: kazar nama ba ta ajiyuwa. Idan ta isa sayarwa ba a sayar ba, ci take yi kawai. Kaji 95 da suka girma suna cin kusan kilo 17 a rana, wato wajen buhu biyar a mako. A farashin da muka ɗauka, 110,000 ke nan. Jinkirin mako guda tak ya cinye kusan dukkan ribar. Sayar da kaji kuwa aiki ne na ƙafa da baki, sai an bi masu gidajen abinci da masu gashi da maƙwabta, an yi ciniki, an kai. Wa zai yi wannan yawo a daren jajibiri? Telan da bai runtsa ba kwana uku? A ƙarshe sai ya kira dillali ya kwashe su a farashin da dillalin ya ga dama.

Ko da komai ya tafi daidai, akwai kuɗin da bai sa a lissafi ba, wato kuɗin jikinsa. A ce kajin suna cin awa biyu a rana tsakanin safe da yamma. A watan azumi awa 60 ke nan. Idan kaya ɗaya yana cin awa huɗu daga yanka zuwa guga, ya bar kaya 15 bai ɗinka ba, ribarsu 60,000. Ashe ribar kajin ta gaskiya 55,000 ce, kuma domin ita ya jefa 550,000 cikin haɗari. Idan kuwa ya ƙi rage ɗinkin, ya ce daga barcinsa zai ciro awa biyun, to a nan ne ɓarnar ta fi muni. Mai gajiya shi ke yanka shadda ba daidai ba, kuma shadda mai tsada guda ɗaya da aka ɓata tana iya fin ribar kaya goma. Shi ne kuma yake fara cewa "gobe insha Allahu" ga mutumin da ya shekara bakwai yana kawo masa ɗinki. Kuɗin shadda ana biya a wuce wurin. Mutumin da ya je Idi da tsohon kaya saboda kai, da wuya ya sake tako shagonka, kuma ba zai yi shiru ba a majalisa.

Wannan shi nake so mai karatu ya riƙe: ƙarfin jiki da natsuwar zuciya jari ne, kuma shi ne jarin da ba a rantowa. Ana iya cin bashin buhun abincin kaji, ba a cin bashin barci sai an biya da lafiya ko da suna.

Kada a ɗauka kiwon kaji ne ba shi da kyau. Ga wanda ya tsaya a kansa sana'a ce mai albarka. Ga telan ma, da zai zuba su a watannin da shago ya yi sanyi, lissafin zai sauya, ko da farashin bai kai na Sallah ba. Laifin yana wurin haɗin ne. Ɗinki da kajin Sallah abokan kuka ne, rana ɗaya suke kiran mai su. Sannan aljihu ɗaya suke jira, domin idan shekara ta yi tsanani magidanci ya rage ɗinkin yara, shi ne dai zai rage kazar Sallah.

Wannan batu na aljihu ɗaya ya kai mu ga haɗari, inda mutane da yawa suke yaudarar kansu ba su sani ba. Matar aure da take da firjin ƙanƙara da injin markaɗe mai amfani da lantarki tana ganin sana'a biyu gare ta. A gaskiya ɗaya ce, domin ranar da taransifomar unguwa ta ƙone duka biyun sun tsaya. Mai Adaidaita Sahu da ya sayi injin ban-ruwa don noman rani, duka hanyoyinsa biyu fetur suke sha. Da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, irin wannan mutum ta gaba da ta baya aka buge shi. A farkon wannan shekarar ma, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, duk mai ƙananan sana'o'in da suka dogara da cinikin hannu da hannu ya ga yadda suka ƙafe tare. Haka wanda yake da rumfa biyu a kasuwa ɗaya: gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022, ba su tambayi ko kayan rumfunan iri ɗaya ne ba.

Saboda haka kafin mutum ya ce ya raba ƙafa, ya zauna ya ambaci abubuwan da za su iya tsayar da sana'arsa ta farko: wuta, fetur, dokar gwamnati, gobara, rashin lafiyarsa shi kansa. Sai ya ɗauki ta biyun ya bi da ita ta kan kowane. Idan mafi yawansu suna kayar da ita ma, bai rage haɗari ba, gajiya kawai ya ƙara.

Na ƙarshen nan, rashin lafiya, shi aka fi mantawa. Sana'a biyu da dukansu sai da hannunka suke tafiya, zazzaɓin mako biyu yana rufe su tare.

To, ya zuba kuɗin duka a shago ke nan? Wannan hanya tana da ƙarfin da masu son raba ƙafa ba sa son amincewa da shi. Da 600,000 ɗin nan telan zai iya sayen keken ɗinki na wuta, ya ɗauki wani tela ya riƙa haɗa kaya shi kuma yana yanka. Kayan da yake mayarwa a watan azumi saboda ba hali, yanzu zai karɓa. Kuɗin ba ya mutuwa da zafin rana, keke yana nan shekara da shekaru, kuma idan ta ɓaci ana iya sayar da shi. Abin da ya fi wannan, ya zuba kuɗinsa ne a inda ya fi kowa sani. Ya san zare mai kyau, ya san wanda ke biya da wanda ke ja. A kiwon kaji kuwa ɗan koyo ne, kuma ɗan koyo da kuɗinsa yake biyan kuɗin makaranta. Suna ma a sana'a ɗaya yake kafuwa. Ba a cewa "je ka wurin wane" sai ga wanda kullum aka zo aka same shi.

Amma fa wanda ya tattara komai wuri ɗaya ya san abin da ya ɗauka. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana acaɓa. Mutanen da ba su da wata hanya sai babur suka wayi gari ba su da sana'a, ba don sun yi sakaci ba. A 2020 kuma kullen korona ya rufe kasuwanni da shaguna ana dab da azumi, lokacin da tela yake jira shekara guda. Irin wannan ba ƙwarewa ce take kare mutum daga gare shi ba. Abin da ke kare shi shi ne ajiya, ko wata hanyar da dokar ba ta shafa ba.

Don haka ni ba na ba kowa shawarar ya tattara komai a sana'a ɗaya sai ya ga alama biyu. Ta farko, sana'ar ce da kanta take neman ƙari, wato yana mayar da masu kawo aiki ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma ba a watan Sallah kaɗai ba. Idan keken da yake da shi ma yini yake a rufe wata takwas a shekara, ƙara na biyu ƙara wa ƙura wurin kwana ne. Ta biyu, bayan ya sayi kayan aikin akwai abin da zai ci da gida na wata uku ko shago bai buɗe ba. Wanda bai da wannan, gara ya sayi abin da ya fi ƙanƙanta ya bar saura.

Idan kuwa alamun ba su cika ba, to a nemi ta biyu, amma a neme ta da sharaɗi: ta zama 'ya, kada ta zama kishiya. Ga tela, tumaki biyu ko uku a gida sun fi kaji ɗari dacewa. Tunkiya ba ta mutuwa don an makara awa biyu, yara da uwargida suna iya ba ta dusa da harawa, kuma ba ta da ranar da dole sai an sayar. Ita ma tana da nata haɗarin, akwai cuta akwai ɓarayi, ribarta kuma a hankali take zuwa. Sai dai ranar da shago ya tsaya ana iya jan ɗaya zuwa kasuwa. Idan uwargida ce za ta ɗauki wahalar, a yanka mata kasonta tun farko a faɗa a fili, domin ƙarfinta ita ma jari ne, ba kyauta ba ne.

Noma ma yana iya dacewa da tela, amma a nan akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, don haka azumi yana zagaya damina da rani cikin kimanin shekara 33. A 2014 da 2015 an yi Ƙaramar Sallah ne a watan Yuli, tsakiyar damina. Telan da yake noma a wancan lokaci ya ga ta kansa, ciyawa tana cin gona, masu kaya suna cin ƙofar shago. Yanzu da azumi ya koma rani, haɗin nan ya yi sauƙi, ko da yake Babbar Sallah ta 'yan shekarun nan tana faɗowa kusa da shuka. Haɗin da ya dace da mutum bana ba lallai ya dace da shi bayan shekara goma ba, sai ana sake duba kalanda.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai wata iyaka ta dabam. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ta hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ta ware noma. Ya kamata a san da wannan kafin a kama haya.

Wanda ya riga ya haɗa biyu kuma, ta yaya zai gane ko suna taimakon juna ne ko ɗaya tana shan jinin ɗaya? Hanya mafi sauƙi ita ce littafi biyu da jaka biyu. Muddin kuɗin a aljihu ɗaya suke, ba za a taɓa sanin gaskiya ba. Telan zai riƙa ɗaukar kafin alƙalamin da mai kaya ya bayar na zare da aikin wuya ya sayi buhun abincin kaji, yana cewa zai mayar. Ranar da ya sayar da kajin ya ga kuɗi dunƙule a hannu sai ya ɗauka riba ce, alhali rabinsu na shago ne. Idan an raba littafi, wata uku sun isa a ga wadda take ba da rance kullum da wadda take karɓa kullum. Sauran alamun a jiki suke da kuma bakin mutane: ka fara ɓoye wa kiran waya, ka fara kuskuren da ba ka yi ko kana yaron shago, ka idar da sallah ba ka san me ka karanta ba, yaranka su yi kwana uku ba su gan ka ido biyu ba. Wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan sun zauna masa, ba ƙarin ƙoƙari yake bukata ba, ragewa yake bukata.

Da telan nan zai tambaye ni, ga abin da zan ce masa. Kada ya zuba kajin Sallah. Idan littafinsa ya nuna yana mayar da aiki har a watannin da ba na hidima ba, ya sayi keken, ya bar abincin wata uku a gefe. Idan bai nuna haka ba, ya sayi tumaki biyu, ya ajiye sauran kuɗin, ya sake duba littafin bayan Babbar Sallah.